Yadda ake ciro jerin kaya daga faktir ɗin da aka yi wa sikanin, a gyara shi a Excel

Masu riƙe da lissafin shaguna a nan Maraɗi sun sha tambayata abu guda: dila ya turo faktir a waya, shafi biyu ko uku cike da kaya, an buɗe a kwamfuta amma ba ya kwafuwa, yaya za a yi ya shiga Excel ba tare da an kwana ana bugawa da hannu ba? Hanyar da nake bi ke nan a shagon kayan gini da nake yi wa lissafi. Zan tafi da misalin faktir guda da ya zo mana daga Yamai, da Faransanci, shafi 3, kaya 47. Na'ura za ta karanta maka rubutun, amma tana kuskure, kuma ba ta faɗa in ta yi. Sa'ar da muka yi ita ce faktir yana ɗauke da shaidarsa a jikinsa: adadi sau farashi ya ba da kuɗin layi, kuɗin layuka kuma su ba da jimilla. Da wannan ma'aunin za mu kama ta.

1. Duba irin fayil ɗin da ke hannunka

Buɗe PDF ɗin, ka ja linzamin kwamfuta a kan wata kalma. In kalmar ta haskaka ita kaɗai, akwai rubutu na gaske a ciki, sai ka tsallake zuwa mataki na 4. In ba abin da ya haskaka, ko shafin gaba ɗaya ya zaɓu kamar hoto, to hoto ne aka naɗe a cikin PDF, kuma shi muke magana a kai.

Kafin ka wahalar da kanka, kira dilan. In da kwamfuta ya buga faktir ɗin, ainihin fayil ɗin yana wurinsa, kuma sau da yawa yaron ofis ne kawai ya buga a takarda, aka sa hatimi, aka ɗauki hoto. Ka roƙi a turo maka wanda bai bi ta takarda ba, mai hatimin kuma ka ajiye shi a matsayin shaida.

Gargaɗi: in faktir ɗin rubutun hannu ne, irin na littafin kabon da ake yagowa a kasuwa, kada ka ɓata lokacinka. Manhajojin da zan ambata rubutun inji suke karantawa. Haka in kayan ba su wuce 15 ba, bugawa da hannu ta fi sauri. Amma ko da hannu ka buga, matakai na 7 da na 8 suna kanka.

2. Gyara hoton tukuna

Rabin kurakuran da za ka yi fama da su a gaba, a nan ake haifarsu. In takardar tana hannunka, ka yi mata sikanin a `300 dpi`, baƙi da fari mai inuwa, ba mai launi ba. Ka ware lanƙwasar takardar sosai, don layin da ya faɗa cikin lanƙwasa shi ne yake ɓata. In da waya za a ɗauka, a shimfiɗa takardar a tebur inda haske yake ko'ina ɗaya, a riƙe wayar daidai samanta, kada inuwar hannu ta faɗa kan lambobi.

Gargaɗi: in ta WhatsApp za a turo, a turo ta hanyar `Document`, ba a matsayin hoto ba. Hoto ana matse shi a hanya, ƙananan lambobi su dusashe, 8 ta koma kamar 3. Za ka ga abin da wannan ya jawo mana a mataki na 7.

3. Sa na'ura ta karanta rubutun

Wannan aikin shi ake kira OCR. Manhajar da nake ba mutane shawara a Windows ita ce NAPS2. Kyauta ce, kuma bayan ka sauke ta da harsunanta ba ta buƙatar intanet. Danna `OCR`, ka sauke harshen Faransanci, da Turanci in kana sayen kaya a Kano ko Katsina, ka kunna zaɓin da ke sa PDF ya zama mai bincikuwa. Sannan `Import`, ka ɗauko faktir ɗin. In shafin ya karkace, ƙarƙashin `Rotate` akwai `Deskew` mai miƙe shi. Daga nan `Save PDF`, da sabon suna. Kada ka danne na asali.

Wanda ya saba da buga umarni, OCRmyPDF yana yin duka a layi ɗaya:

```
ocrmypdf -l fra --deskew --rotate-pages faktir.pdf faktir_ocr.pdf
```

Dukansu biyu injin Tesseract ne a cikinsu, don haka sakamakon ba ya da nisa da juna. Sabon fayil ɗin a ido kamar tsohon yake, sai dai an shimfiɗa rubutu marar ganuwa a kan hoton. Gwada shi: danna `Ctrl+F`, ka nemi kalmar `Total`. In ta fito, an karanta.

Gargaɗi: zaɓi harshen faktir ɗin daidai. In ka bar shi a Turanci alhali takardar Faransanci ce, haruffa masu alama a ka za su lalace, sunayen kaya su cika da tarkace.

Maganar kuɗi kuwa, duk kayan aikin nan ba a biyan ko dala. Abin da za ka kashe shi ne na intanet ranar saukewa, da na sikanin in ba ka da injin. Akwai wurare a intanet da ke cewa ka ɗora PDF su mayar maka da shi Excel nan take. Ni ba na ɗora faktir ɗin mai gida a can, domin farashin da dila ya yi maka sirrin kasuwancinka ne, kuma da zarar ya fita daga kwamfutarka ba ka da iko da shi.

4. Yanko teburin kayan kaɗai

Nan Tabula ke shigowa. Ita ma kyauta ce, tana buƙatar a sa Java a kwamfutar. In ka kunna ta, tana buɗewa a cikin burauza a adireshin `127.0.0.1:8080`. Kada wannan ya ruɗe ka, a cikin kwamfutarka take aiki, fayil ɗin ba ya zuwa ko'ina.

Ɗauko `faktir_ocr.pdf` da `Browse` da `Import`. A kowane shafi ka ja akwati a kan teburin kaya kawai, ka bar sunan kamfani da adireshi da sa hannu a waje. Ka ba akwatin ɗan sarari a dama, don in ya yanki lambar ƙarshe ta kuɗi, 172 500 za ta fito 172 50. Akwai maɓallin `Repeat this Selection` mai maimaita akwatin a sauran shafuka, amma a takardar sikanin ba na amfani da shi, saboda shafuka ba sa zama wuri ɗaya a kan gilashin inji. Kowane shafi da nasa akwatin.

Danna `Preview & Export Extracted Data`. A gefen hagu za ka ga hanyoyi biyu, `Stream` da `Lattice`. Zaɓi `Stream`. Ita `Lattice` zanen layukan tebur take nema a cikin fayil, su kuwa layukan takardar sikanin hoto ne kawai, ba ta ganinsu, sai ta ba ka fanko ko ta cakuɗa komai. `Stream` tazarar da ke tsakanin kalmomi take bi. In ka ga ta haɗe adadi da farashi a gida ɗaya, koma ka sake jan akwatin ba tare da layin kanun teburin ba, sau da yawa kanun ne ke rikita ta. In ya yi, fitar da shi a `CSV`.

5. Shigar da shi Excel a matsayin rubutu

Mafi yawan kwamfutocin da nake gani a garin nan Excel ɗinsu na Faransanci ne, don haka da sunayensa zan tafi.

Gargaɗi: kada ka danna fayil ɗin `CSV` sau biyu don ya buɗe. Tabula da waƙafi take raba gidaje, Excel na Faransanci kuwa alamar `;` yake jira, sai ya zuba komai a layin tsaye na farko. Abin da ya fi wannan muni, zai yi wa lambobi fassarar kansa: lambar kaya 00412 ta zama 412, wata lambar ma ya mayar da ita kwanan wata.

Buɗe sabon fayil, ka je `Données`, sannan `À partir d'un fichier texte/CSV`. Ka zaɓi `UTF-8` don haruffan Faransanci su fito daidai, mai rabawa ya zama waƙafi, kuma ka hana shi gano nau'in bayanai da kansa, komai ya shigo a rubutu. Wannan shafin ka sa masa suna `danye`, kada ka sake taɓa shi. Kwafe abin da ke ciki zuwa shafi na biyu mai suna `aiki`, bayan ka mayar da gidajensa `Texte`. Duk ranar da ka rikice, ɗanyen yana nan.

A namu faktir ɗin layukan tsaye, waɗanda muke ce wa kolon, biyar ne: A lambar kaya, B sunan kaya, C adadi, D farashin guda, E kuɗin layi. Ga kaɗan daga abin da ya fito:

```
00412  Pointe 70 mm carton    15    11 500  172 500
00877  Cadenas 50 mm          l20   1 250   150 000
01036  Fil de fer galvanisé   3     23 500  188 000
       rouleau 25 kg
       A reporter                         1 204 500
```

Ko a waɗannan layuka biyar akwai matsala huɗu. Biyu ido yana ganinsu, ɗaya sai an lura, ɗaya kuma lissafi ne kaɗai zai tona ta.

6. Share tarkace, sannan ka haɗa layukan da suka karye

Jerin aikin nan yana da muhimmanci, kada ka juya shi.

Da farko ɗauki takarda da biro, ka ƙirga kayan kowane shafi a kan hoton faktir ɗin da idonka. Namu 18, 18 da 11. Ka rubuta kuɗin da ke ƙasan kowane shafi, inda aka sa `A reporter`: shafi na farko 1 204 500, na biyu 2 655 000. Waɗannan ba kaya ba ne, jimillar da aka ɗauko ce zuwa shafi na gaba, inda za ta sake fitowa da sunan `Report`. In ka bar su a ciki, jimillarka za ta kumbura. In kuma ka share su ba ka rubuta ba, ka zubar da abin da zai nuna maka shafin da kuskure yake.

Yanzu share su, tare da kanun tebur da ya maimaitu a shafi na biyu da na uku, da layukan `Total HT`, `TVA` da `Total TTC` bayan ka kwafe adadinsu a takardarka.

Sai layukan da suka karye. Sunan kaya in ya yi tsawo yana gangarowa layi na biyu, kamar `rouleau 25 kg` a sama. Alamarsa ita ce gidan adadi fanko ne. A gidan F2 rubuta wannan, ka ja shi har ƙasa:

```
=SUPPRESPACE(SI(C3="";B2&" "&B3;B2))
```

Ma'anarsa: in layin da ke ƙasa ba shi da adadi, to ragowar sunan wannan ne, a manna su. Ka ga dalilin da ya sa aka fara share `A reporter`? Shi ma ba shi da adadi, da ya manne a wutsiyar sunan kayan da ke samansa. Dabarar tana kama suna mai layi biyu ne kawai. Mai layi uku ka haɗa shi da hannu, ba su cika yawa ba.

Gargaɗi: kolon F zuwa J su kasance a `Standard`, ba `Texte` ba, in ba haka ba dabarar za ta tsaya a rubuce ba ta yi aiki ba. Kuma kafin ka share layukan ragowar, kwafe kolon F ka manna shi a wurinsa da `Collage spécial`, `Valeurs`. In ka share ba ka yi haka ba, gidajen za su cika da `#REF!`. Kada kuma ka jera kayan bisa haruffa ko farashi a wannan matakin, don ragowar suna za ta rabu da uwarta, ba za ka sake gane ta wane kaya ce ba.

7. Mayar da rubutu lambobi, ka auna kowane layi

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ne zaman Maraɗi a bakin iyaka yake da nasa tarko. Kaya suna zuwa mana ta hanyoyi biyu, kowace da yadda take rubuta lamba. Faktir na Yamai, Kwatano ko Lome yana raba dubbai da tazara ko ɗigo, waƙafi kuma na gutsure ne: 12 500 ko 12.500, lita 12,5. Wanda ya shigo ta Ɗan Isa daga Kano akasin haka ne: 12,500.00. Ka tsaya ka gane wanne ke gabanka kafin ka rubuta komai.

Ga faktir na Faransanci, a G2, ka ja shi dama zuwa H da I, sannan ƙasa:

```
=VALEURNOMBRE(SUBSTITUE(C2;CAR(160);"");",";".")
```

Wannan yana gaya wa Excel cewa waƙafi na gutsure ne, ɗigo na dubbai, tazara kuma a yi watsi da ita. `CAR(160)` wata tazara ce mai kama da ta kullum amma mai taurin kai, shi ya sa ake cire ta daban. Ga faktir na Kano, musanya alamomin biyu na ƙarshe, ɗigo ya riga waƙafi. Mai Excel na Turanci, sunayen su ne `NUMBERVALUE`, `SUBSTITUTE`, `CHAR`, `TRIM`, `IF`, `ROUND`, `SUM` da `COUNT`, kuma da waƙafi ake raba sassan dabarar maimakon `;`. Dabarar `VALEURNOMBRE` tana nan daga Excel 2013 zuwa sama.

Wasu gidajen za su nuna `#VALEUR!`. Kada ranka ya ɓaci, waɗannan su ne kurakurai masu gaskiya, sun fito fili. Kwaɗon nan na layi na biyu, `l20`, ƙaramin harafin L ne na'ura ta sa a madadin 1. Haka take sa harafin O a wurin sifili, S a wurin 5, B a wurin 8. Duba hoton, ka gyara a kolon C, D ko E, dabarar za ta bi.

Gargaɗi: kada ka lulluɓe kuskuren da `SIERREUR` don ya koma sifili shafin ya yi kyau. Ka ɓoye ciwo ne kawai. Kuma in za ka musanya O da 0 gaba ɗaya, ka zaɓi kolon C zuwa E kaɗai, in ba haka ba sunayen kaya za su lalace.

Yanzu ma'aunin. A J2:

```
=ARRONDI(G2*H2-I2;0)
```

Kowane layi sifili ya kamata ya bayar. A namu, layi uku ne suka ƙi. Waya mai lamba 01036 ta ba da -117 500. Raba wannan da farashin guda, 23 500, ka sami 5 cif. Wato guda biyar sun ɓata a adadi: 8 ce aka karanta 3. Na ƙara girman hoton, ga 8 ɗin nan, gefenta na hagu ya dusashe. Lura da kyau, 3 lamba ce halastacciya, Excel bai yi ƙorafi ba, kuma kuɗin layin daidai yake, don haka jimillar faktir ba za ta taɓa nuna wannan ba. Da an wuce da shi, littafin sito zai ce naɗi 3 aka karɓa alhali 8 ne a ƙasa, kuma ranar ƙirga kaya wani bawan Allah ne zai sha tambayoyi.

Wannan rabawar ka riƙe ta. In bambancin ya rabu da farashi ba saura, matsalar tana adadi. In ya rabu da adadi, duba farashi. In bai rabu da ko ɗaya ba, galibi kuɗin layin ne aka karanta ba daidai ba. In faktir ɗin yana da kolon ragi, `Remise`, sai ka cire ragin a cikin dabarar, in ba haka ba duk layin da aka yi wa ragi zai yi ƙara. Wani lokaci kuma hoton da abin da ka ciro sun yi daidai, lissafin dilan ne ya kauce. Wannan kada ka gyara shi da kanka. Bar adadin yadda yake a takarda, ka yi wa layin launi, a kira shi.

Akwai kuskure ɗaya da ma'aunin nan ba ya kamawa, kuma ya taɓa cin mu. In ka sa dabarar Faransanci a kan faktir na Kano da ba a rubuta kwabo ba, 12,500 zai zama 12,5, kuɗin layi 125,000 ya zama 125. Guda 10 sau 12,5 kuwa 125 ne, sai ma'aunin ya ba da sifili, komai ya yi kamar lafiya. Maganinsa ido ne: dubi kolon H, ka tambayi kanka ko akwai kwalin ƙusa na naira 12 a duniyar nan.

8. Auna jimilla

A ƙasan kolon I:

```
=SOMME(I2:I48)
=NB(I2:I48)
```

Ta farko ka gwada ta da `Total HT`, wato jimilla kafin haraji, ba da `Total TTC` ba. Mutane da yawa a nan suke ruɗewa, su yi ta neman kuskuren da babu. A takardarmu `Total HT` sefa 3 486 000 ne, harajin TVA na kashi 19 cikin 100 ya kama 662 340, duka 4 148 340. In faktir na Najeriya ne mai haraji, nasu kashi 7.5 ne.

Tawa jimillar ta tsaya a 3 321 000, ƙirgar kuma ta ce kaya 46. Saura jika 165, da kaya guda. Nan takardar da na rubuta a mataki na 6 ta yi rana. Kaya 18 na farko sun ba da 1 204 500 daidai, shafi na farko ya fita. A na biyu kaya 17 na samu. Na bi da yatsa a kan hoton, sai ga bututun roba, guda 60 a kan 2 750, wanda hatimin dila ya hau kansa, na'ura ta tsallake layin ɗungurungum. Na buga shi da hannu, jimilla ta cika.

Ka ga kowane ma'auni da abin da yake kamawa. Na layi ya kama 8 da ta zama 3, wanda jimilla ba ta gani. Na jimilla ya kama layin da ya ɓata, wanda na layi ba zai gani ba tunda babu layin balle a auna shi. Shi ya sa ba a barin ɗaya.

In da hannu ka buga lambobin, kuma bambancin ya rabu da 9 ba saura, nemi inda ka juya lambobi biyu, kamar 127 500 a madadin 172 500.

9. Lambobin kaya da ajiya

Kolon A ba shi da lissafin da zai tsare shi. 00877 na iya zama 00377 ba wanda ya sani. In kana da jerin kayan sito a wani shafi, sa `RECHERCHEV` ya nemo kowace lamba ya kawo sunanta kusa da sunan da ke faktir, ka bi su da ido. Wadda ta ba da `#N/A`, ko sabon kaya ne ko an karanta ta ba daidai ba. In ba ka da jerin, ka buɗe hoton a rabin allo, Excel a rabi, wani ya karanto maka kana dubawa. Kaya 47 ba sa cin minti goma.

Daga nan buɗe shafi na uku, `tsabta`. Manna kolon A, F, G, H da I da `Valeurs` kaɗai. Ƙara kolon huɗu a kowane layi: sunan dila, lambar faktir, kwanan wata, da irin kuɗin, sefa ko naira. Na ƙarshen nan kada ka raina shi, don ranar da ka haɗa faktir na wata guda a tebur ɗaya, 11 500 ba ta faɗin ko ta wace ƙasa ce. In za ka canza naira zuwa sefa, yi shi a sabon kolon, ka rubuta canjin ranar da aka biya a gefe, adadin asali ya zauna yadda yake.

Sunan fayil ya fara da shekara, wata, rana, sannan dila da lambar faktir, don su jeru da kansu. Ka ajiye PDF na asali, da wanda aka karanta, da fayil ɗin Excel a wuri ɗaya, ka kwafe su a kan filashi kafin ka kashe kwamfutar.